Canza Kalmar Sirri Kaɗai Ba Ya Korar Baƙo: Yadda Ake Binciken Masu Shiga Asusun Gajimare

A ranar 3 ga Mayu, 2017, ɗimbin masu amfani da Gmail suka sami wasiƙa daga mutanen da suka sani, ana gayyatarsu su buɗe wata takarda. Duk wanda ya latsa mahaɗin, sai ya ga kansa a wani shafi na kamfanin Google na haƙiƙa, inda wata manhaja mai suna Google Docs ke neman izinin karanta wasiƙunsa da aika su da goge su, da kuma duba sunayen abokan hulɗarsa. Ashe manhajar ba ta Google ba ce, wani ne kurum ya laƙaba wa tasa wannan suna. Da zarar mutum ya amince, sai ta aika irin wannan gayyata ga duk waɗanda ke cikin jerin sunayensa. Kamfanin ya ce ya tsayar da abin cikin kimanin awa ɗaya, kuma waɗanda ya shafa ba su kai kashi 0.1 cikin ɗari na masu Gmail ba. Amma da yake masu Gmail sun haura biliyan ɗaya a lokacin, adadin zai iya kusantar mutum miliyan ɗaya.

Abin lura shi ne ba a saci kalmar sirrin kowa ba a wannan hari. Masu asusun ne da kansu suka buɗe ƙofa. Wannan ya nuna cewa asusu yana da mashigai fiye da ɗaya, kuma mai son korar baƙo daga cikinsa dole ya san su duka. Za mu ɗauki asusun Google a matsayin abin nazari, domin shi ne yawancin ɗalibai da malamai ke buɗewa ranar da suka sayi wayar Android.

Makullai uku na asusu ɗaya

Abin da ake kira gajimare ba wani abu ba ne illa manyan kwamfutoci na wani kamfani, waɗanda ke ajiye wasiƙunmu da hotunanmu da takardunmu, mu kuwa muna isa gare su ta intanet. Akwai makullai iri uku da ke buɗe wannan ma'ajiya.

Na farko shi ne kalmar sirri, wadda kowa ya sani. Na biyu kuwa shi ne shaidar zama. Idan mutum ya shigar da kalmar sirrinsa daidai, kwamfutar kamfanin takan ba wayarsa ko burauzarsa wata doguwar lamba ta ajiye, wadda a burauza ake kira kuki. Daga nan duk lokacin da ya buɗe Gmail, wannan lamba ake nunawa, ba a sake tambayarsa kome. Ta yi kama da tikitin da fasinja ke riƙewa bayan ya biya kuɗin mota: ba a sake tambayarsa kuɗi, tikitin ake dubawa, kuma duk wanda ya tsince shi zai iya hawa da shi. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya buɗe imel ɗinsa a kafe don cike fom ɗin JAMB, ya tashi bai fita ba, ya bar wa na bayansa asusun a buɗe ko da na bayan bai san harafi ɗaya na kalmar sirrin ba.

Makulli na uku shi ne izinin da ake ba manhajojin wasu kamfanoni. A da, idan wata manhaja tana son taɓa wasiƙun mutum, sai ya miƙa mata kalmar sirrinsa ɗungurungum. An sauya wannan da wani tsari mai suna OAuth 2.0, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a shekarar 2012, kuma a 2022 Google ya rufe tsohuwar hanyar ga asusun jama'a. A sabon tsarin, manhaja takan tura mutum shafin Google, a jera masa abin da take nema, idan ya amince sai a ba ta takardun izini guda biyu. Ɗaya gajeriya ce, takan mutu bayan kimanin awa ɗaya. Ɗayar kuwa ta sabuntawa ce, da ita manhajar ke karɓo sabuwar gajeriya duk sa'ad da ta so, ko mai asusun yana barci, ko wayarsa tana kashe.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Takardar sabuntawa ba ta rataye ga kalmar sirri ba. A tsarin Google, canza kalmar sirri yana soke takardun da suka ƙunshi izinin Gmail, amma manhajar da aka ba izinin Drive ko kalanda ko sunayen abokan hulɗa kaɗai tana iya ci gaba da aikinta kamar ba a yi kome ba. Irin wannan takarda tana rayuwa har sai mai asusun ya soke ta, ko ta yi wata shida ba a yi amfani da ita ba. Haka kuma goge manhaja daga waya ba ya soke izininta, domin takardar na iya kasancewa a kwamfutar kamfanin da ya ƙera manhajar, ba a cikin wayar ba.

Jeri na farko: wa ya shiga, daga ina, kuma yaushe

Binciken yana farawa ne da rubuta myaccount.google.com a burauza, sannan a shiga sashen tsaro, wanda sunansa ke farawa da "Security". Kamfanin yakan ɗan sauya sunayen maɓallai daga lokaci zuwa lokaci, amma abubuwan da ake nema suna nan. A cikin sashen akwai jerin abubuwan tsaro da suka faru cikin kwana 28 da suka wuce, kamar sabuwar shiga, ko canza kalmar sirri, ko ƙara lambar waya. Akwai kuma jerin na'urori, wanda ake iya zuwa kai tsaye ta google.com/devices. Kowane layi a nan yana nuna irin na'urar, da garin da ake zato tana ciki, da lokacin da ta yi magana da Google na ƙarshe.

Karanta wannan jeri yana bukatar natsuwa, domin yana da abubuwa uku da ke ruɗa mutane. Na farko shi ne sunan gari. Ana ƙiyasta shi ne daga lambar IP, wato lambar da kamfanin sadarwa ke ba na'ura idan ta hau intanet. Kamfanonin waya sukan tattara zirga-zirgar masu amfani da su ta fita ta manyan cibiyoyi, kuma mutane da yawa kan yi tarayya a lamba ɗaya. Saboda haka mutum yana zaune a Kano ko Gusau, sai ya ga an rubuta Legas ko Abuja, alhali wayarsa ce. Wanda ya kunna VPN ma yana iya ganin sunan wata ƙasa dabam. Sunan gari shi kaɗai bai isa hujja ba.

Na biyu shi ne lokaci. Waya takan ɗauko sababbin wasiƙu da kanta a ɓoye, don haka ganin ƙarfe uku na dare a gaban sunan wayarka ba ya nufin wani ya taɓa ta. Na uku shi ne maimaituwa. Na'ura ɗaya tana iya fitowa sau biyu ko uku, domin kowace burauza da aka shiga da ita, da kowace sabuwar shiga, zama ne mai zaman kansa.

To, da me za a gane baƙo? Hujja mafi ƙarfi ita ce irin na'urar. Wanda bai taɓa mallakar iPhone ba, idan ya ga iPhone a jerinsa, bai bukatar dogon tunani. Bayan wannan sai a haɗa alamomi: na'urar da ba a sani ba, da ranar shigarta ta farko wadda ba ta dace da wani abu da mai asusun ya tuna ba, da gari na wata ƙasa alhali ba ya amfani da VPN. Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, a ɗauka baƙo ne. A latsa layin, a zaɓi "Sign out". Ko da daga baya ta bayyana cewa na'urar taka ce, asarar ba ta wuce sake shigar da kalmar sirri ba.

Mai kwamfuta yana da ƙarin taga ɗaya. A can ƙasan shafin Gmail, ta hannun dama, akwai ɗan rubutu "Last account activity" tare da "Details". Latsa shi yana fito da shige-shige goma na ƙarshe, kowace da lambar IP da lokaci da kuma hanyar da aka bi, ko burauza ce, ko waya, ko wata manhaja mai izini. Idan aka ga POP3 ko IMAP, ma'anarsa wata manhajar wasiƙu ce ke kwasar saƙonni. Wanda ya san bai saita irin wannan ba, to ya bi sawu.

Jeri na biyu: manhajojin da aka ba izini

Wannan jeri yana myaccount.google.com/connections, kuma yawancin masu buɗe shi karon farko sukan yi mamakin tsawonsa. Kowane latsa "Sign in with Google" da mutum ya taɓa yi a shekarun baya yana da layinsa. Sai dai ba duka ne haɗarinsu ɗaya ba.

Kashi mafi sauƙi shi ne na shiga kawai. Manhajar da aka shiga da sunan Google takan sami suna da adireshin imel da hoton mai asusun, ba ta ganin wasiƙa ko takarda. Kashi mai nauyi shi ne na waɗanda aka ba damar taɓa abin da ke cikin asusun, kuma a nan kalma ɗaya tana raba rana da dare. Ga jimloli biyu da ake gani a shafin izini game da Drive. Ɗaya ta ce "See, edit, create, and delete only the specific Google Drive files you use with this app", wato manhajar za ta taɓa takardun da ka yi aiki da su ta cikinta kaɗai. Ɗayar ta ce "See, edit, create, and delete all of your Google Drive files", wato za ta iya gani da gyarawa da goge duk abin da ka ajiye. Kalmomin da za a nema su ne "only" da "all". Mafi nauyi duka shi ne "Read, compose, send, and permanently delete all your email from Gmail", domin mai riƙe da akwatin wasiƙa yana iya karɓe sauran asusun mutum ɗaya bayan ɗaya, tunda nan ake aiko da saƙon sake saita kalmomin sirrinsu.

Tambayoyi uku sun isa a yi wa kowace manhaja. Shin na san ta? Shin na yi amfani da ita cikin watannin nan? Shin abin da aka ba ta ya dace da aikinta? Manhajar tarurruka da ke son kalanda tana da dalili. Wasan waya da ke son sunayen abokan hulɗa ba shi da shi. Duk wadda ta faɗi a tambaya ɗaya, a latsa sunanta, a duba bayanin izinin, a cire shi. Kada suna ko tambari su ruɗi mai karatu, domin harin 2017 ya nuna cewa suna abu ne da kowa zai iya arowa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wata malamar lissafi ce a wata sakandare a Katsina. Tana da waya ƙirar Tecno da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma a Drive take ajiye tambayoyin jarrabawa da makin ɗalibai. Ta ji raɗe-raɗin cewa tambayoyin gwajin wata sun fita kafin rana. Ta canza kalmar sirri, amma wata na gaba abin ya maimaitu. Sai ta zauna ta yi bincike.

A jerin na'urori ta ga layi huɗu. Na farko wayarta ce, an rubuta Legas. Ƙirar ta dace, don haka ta bar shi. Na biyu kwamfutarta ce. Na uku wata kwamfuta ce mai Windows, wadda aka fara shiga da ita kwana 12 da suka wuce, wato bayan canza kalmar sirrin, kuma ta yi motsi jiya. Da ta duba kwanan watan sai ta tuna ranar ce ta je buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da makaranta, ta rufe burauza ba tare da ta fita daga asusun ba. Na huɗu tsohuwar wayarta ce da ta ba ƙaninta, wadda canza kalmar sirri ya riga ya fitar da ita. Ta fitar da kwamfutar shagon nan take.

Amma wannan bai bayyana fitar tambayoyin farko ba, domin sun fita tun kafin ta je shagon. Sai ta buɗe jeri na biyu, ta tarar da manhajoji 14. Tara daga ciki na shiga ne kawai, ta cire shida da ta daina amfani da su. Biyu na tarurruka ne masu izinin kalanda, ta bar ɗaya. Akwai WhatsApp, wadda ke ajiye kwafin hirarraki a asusun Google. Wannan ta bar ta, domin cire ta zai tsayar da ajiyar. Akwai wata mai haɗa takardun PDF, wadda izininta na takardun da aka buɗe da ita ne kaɗai. Ta ƙarshe kuwa wata manhaja ce da ba ta san sunanta ba, mai izinin duk abin da ke cikin Drive, kuma an ba ta shi wata biyar da suka wuce, lokacin da aka turo wani mahaɗi a zauren malamai da sunan littattafai kyauta. Wannan ita ce ƙofar da canza kalmar sirri bai rufe ba, domin izininta bai haɗa da Gmail ba.

A lura da iyakar abin da binciken ya tabbatar. Ya nuna ƙofofi biyu da ke buɗe, bai nuna wanda ya bi ta cikinsu ba. Lambar IP da sunan gari ba sa ambaton mutum, don haka ba daidai ba ne a tuhumi mai shago ko wani ɗalibi da hujjar wannan jeri kaɗai. Abin da ya kamace ta shi ne ta ɗauki hoton shafukan kafin ta cire kome, ta sanar da shugaban makaranta, sannan ta sauya tambayoyin da ke ajiye.

Abin da baƙo kan bari a baya

Wanda ya sami asusu a buɗe na 'yan mintoci yana iya shirya wa kansa hanyar dawowa, kuma ba za ta fito a jerin biyu da muka duba ba. Akwai wurare huɗu da ya wajaba a leƙa.

Na farko shi ne lambar waya da imel na maido da asusu, a sashen tsaro. Idan baƙo ya sa nasa, zai iya cewa ya manta kalmar sirri a aiko masa da lambar tabbatarwa. A nan ma a duba ko lambar da ke rubuce tsohon layi ne da aka daina amfani da shi, domin kamfanonin waya sukan sake sayar da layin da ya daɗe a ajiye. Na biyu shi ne hanyoyin tabbatarwa, wato wayoyi da makullan shiga da aka yi wa rajista a ƙarƙashin "2-Step Verification" da "Passkeys". Duk wanda ba naka ba, a goge shi.

Na uku yana cikin saitin Gmail a kwamfuta. A shafin "Forwarding and POP/IMAP" ake ganin ko ana tura kwafin kowace wasiƙa zuwa wani adireshi. A "Filters and Blocked Addresses" ake ganin ƙa'idojin tace wasiƙu, kuma ɓarayi sukan kafa wadda ke goge saƙon gargaɗi ko na banki kafin mai shi ya gani. A "Accounts and Import" kuma akwai wurin da ake wakilta wani ya karanta wasiƙu a madadinka. Waɗannan duka ba sa gushewa don an canza kalmar sirri. Na huɗu shi ne takardun Drive da aka raba. Takardar da aka saita a kan "Anyone with the link" kowa mai mahaɗinta yana buɗe ta ba tare da ya shiga asusun ba, sai a mayar da ita "Restricted".

Tsarin aiki da iyakokinsa

Idan an tabbatar akwai baƙo, jerin matakan yana da muhimmanci. A fara da na'urar da aka amince da ita. Akwai mugayen manhajoji da ke satar kuki da kalmomin sirri daga kwamfuta, kuma sukan zo ne a cikin manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Canza kalmar sirri a kan irin wannan kwamfuta zuba ruwa ne a kwando, domin sabuwar ma za a ɗauke. Alamar hakan ita ce baƙon ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu duk da an yi kome daidai. A wannan hali sai an wanke kwamfutar tukuna.

Daga na'ura mai tsabta, a canza kalmar sirri zuwa wadda ba a amfani da ita a wani wuri. A gyara lambar waya da imel na maidowa. A fitar da duk na'urar da ba a sani ba, a cire manhajoji, a duba saitin Gmail da rabon takardu, sannan a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Bayan kwana biyu a sake buɗe jerin na'urori a gani ko wani sabon layi ya ɓullo.

Akwai iyakoki uku da ya kamata a sani. Cire izini yana hana manhaja ɗaukar sabon abu, amma ba ya dawo da abin da ta riga ta kwafa. Wannan sai an nemi kamfanin ya goge. Cire manhajar da ake shiga da sunan Google ba ya rufe asusun da mutum ke da shi a can, yana ma iya hana shi shiga idan bai saita wata hanya ba, don haka a yi hattara da shafukan karatu da na neman gurbin makaranta. Tabbatarwa mai mataki biyu kuma tana tsare ƙofar kalmar sirri ce kaɗai, ba ta hana mutum latsa "Allow" da hannunsa.

Kammalawa

Tun da jerin abubuwan tsaro kwana 28 kaɗai yake riƙewa, wanda ya jira ƙarshen zango kafin ya duba zai tarar sawun ya goge. Sau ɗaya a wata ya dace da jerin na'urori, sau ɗaya a zango ya wadatar ga jerin manhajoji, sai kuma duk ranar da aka yi amfani da kwamfutar wani, ko aka sayar da waya, ko aka kai ta gyara. Mai bukatar buɗe imel a kafe ko ɗakin kwamfuta na makaranta ya yi amfani da tagar sirri ta burauza, ya fita daga asusun kafin ya tashi. Malamin kwamfuta kuwa yana iya mai da wannan darasin aji guda: kowane ɗalibi ya buɗe nasa jerin a wayarsa ba tare da ya nuna wa kowa ba, ya ƙirga manhajojin da ke ciki, ya ware masu "all" daga masu "only", sannan ya rubuta dalilin barin kowace da ya bari.